Me ya sa rage bolteji ya fi rage gudun furosesa tsimin wuta?

A ɗauko furosesa biyu iri ɗaya, a ba su aiki ɗaya. Ta farko a rage mata gudu da kashi 20 cikin ɗari. Ta biyu a bar mata gudunta yadda yake, a rage mata bolteji da kashi 20 ɗin. Idan aikin ya ƙare aka duba abin da kowacce ta sha daga batir, za a tarar ta farko ba ta yi tsimin komai ba, ƙila ma ta ɗan fi da sha, ita kuwa ta biyu ta rage kashi 36 na wutar da take ƙonawa wajen lissafi. Kowacce kashi 20 aka rage mata, amma sakamakon ya yi hannun riga. Dalilin yana cikin wani gajeren lissafi da duk mai zana cif ya haddace:

```
P = α · C · V² · f
```

`P` ita ce wutar da cif ke ci saboda aikin da yake yi, wadda zan riƙa kira wutar motsi, ana auna ta da wat. `C` kafasitans ne, wato ƙarfin riƙe caji, `V` bolteji, `f` kuma firikwensi, wato sau nawa agogon cif ke bugawa a daƙiƙa ɗaya. `α` kuwa kason ƙofofin da ke motsawa ne a kowane bugu, su kuwa ƙofofi su ne ƙananan makunnan da ke yin lissafi a cikin cif. Duk rikicin yana kan ɗan 2 ɗin nan da ke saman `V`, wanda `f` ba ta da shi. Kafin a gane inda ya fito, sai an leƙa cikin ƙofa guda.

Furosesa ta zamani da fasahar CMOS ake gina ta. Mafi sauƙin ƙofa a wannan fasaha taransista biyu ce, ɗaya a sama tana haɗe da layin da ke kawo wuta, ɗaya a ƙasa tana haɗe da layin sifili. Bakin fitar ƙofar yana tsakaninsu. Idan ana son ta fitar da 1, sai ta sama ta buɗe, ta ƙasa ta rufe. Idan 0 ake so, sai su yi musaya. Kyawun wannan tsari shi ne, muddin ƙofar na zaune a kan 1 ko a kan 0, ɗaya daga cikin biyun a rufe take, babu hanyar da wuta za ta bi ta wuce kai tsaye. Ana biyan kuɗin ne lokacin sauyawa.

To me ake biya? Bakin fitar nan ba a sarari yake ba. Akwai siririn ƙarfe da ya tashi daga gare shi zuwa ƙofofin da ke gaba, kuma shi ƙarfen da bakin shigar waɗancan ƙofofi duk suna riƙe caji, kamar wata 'yar ƙaramar kafasita da babu wanda ya saka ta da gangan. Ba za a ce ƙofa ta fitar da 1 ba sai an cika wannan kafasita har boltejinta ya kai na layin wuta. Ba kuma za a ce ta koma 0 ba sai an zubar da cajin gaba ɗaya.

Ka ɗauki kafasitar nan a matsayin tanki. Faɗinsa shi ne `C`, tsayin da ake son ruwa ya kai kuma shi ne `V`. Yawan ruwan da zai cika shi faɗi ne sau tsayi, wato `Q = C · V`. Ga `V` ta farko ke nan. Sai dai ruwan ba daga ƙasa yake shiga ba: famfon yana ɗaga kowane ɗigo zuwa can saman, tsayin `V`, kafin ya sako shi cikin tankin. Wahalar famfo ita ce yawan ruwa sau tsayin da ya ɗaga shi, wato `E = Q · V`. Ga `V` ta biyu. Idan aka haɗa su, makamashin da layin wuta ke bayarwa a kowane cikawa ya zama `C · V²`. Ka rage tsayin tanki, ka rage ruwan da za a zuba, ka kuma rage nisan da za a ɗaga shi. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Rabin wannan makamashi yana zama zafi nan take a jikin taransistar sama yayin da caji ke ratsa ta. Ɗaya rabin yana zaune a kafasita har sai an koma 0, sannan ya zama zafi a jikin ta ƙasa. Abin da ke ba ɗalibai mamaki a nan shi ne, ingancin taransistar bai shiga lissafin ba ko kaɗan. Ko tana barin wuta ta wuce cikin sauƙi ko tana turjewa, rabin nan dai sai ya ƙone. Turjiyarta lokacin cikawa kawai take canzawa. Wannan ne ma ya sa za ka ga wasu littattafai sun rubuta lissafin da ½ a gabansa: su suna ƙirga kowane sauyi ne, hawa daban, sauka daban. Masu rubuta shi ba ½ suna ƙirga hawa kaɗai. Duk kanwar ja ce.

Sauran haruffan ba su da wuya. Ba kowace ƙofa ke sauyawa a kowane bugu ba. Layin agogo shi kansa yana hawa ya sauka a kowane bugu, don haka `α` ɗinsa 1 ne, shi ya sa yake cikin manyan masu cin wuta a cif. Ƙofofin da ke ɗauke da bayanai kuwa sukan tsaya wajen 0.1. Ita `f` aikinta ɗaya ne tak: ta faɗi sau nawa za a cika tankin a zubar cikin daƙiƙa. Ba ta da ta cewa a kan tsadar kowane cikawa.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, saboda suna cakuɗa wat da jul. Jul shi ne yawan makamashin da aka sha. Wat kuma saurin shan ne, jul ɗaya a daƙiƙa ɗaya. Fanka da abin sanyaya cif da wat suka damu, domin shi ke nuna zafin da za su kwashe yanzu-yanzu. Batir kuwa jul ya sani.

Bari mu ɗauki misali da lambobin da na zaɓa don sauƙin lissafi. A ce muna da furosesa wadda `α · C` ɗinta, idan aka tattara dukkan ƙofofinta, ya kai nanofarad 10. Tana aiki a bolt 1, agogonta na bugawa a gigahaz 3, wato sau biliyan 3 a daƙiƙa. Wutar motsinta ta zama wat 30. An ba ta aikin da ke buƙatar bugu biliyan 30, kamar matse wani babban fayil. Za ta gama cikin daƙiƙa 10, ta sha jul 300.

Yanzu a sauke agogon zuwa gigahaz 2.4, a bar bolteji a bolt 1. Wutar ta sauka zuwa wat 24. Mai kallon ma'auni zai ji daɗi, fanka ma ta rage ƙara. Amma bugu biliyan 30 ɗin nan suna nan ba su ragu ba, yanzu sai sun ci daƙiƙa 12.5. Wat 24 sau 12.5, jul 300 ne cif-cif. Tankunan da za a cika ba su ragu ba, tsayinsu ma bai ragu ba, an dai yi aikin a hankali ne kawai.

A koma gigahaz 3, a sauke bolteji zuwa 0.8. Shi 0.8 sau 0.8 ya ba da 0.64, don haka wutar ta zama wat 19.2. Aikin ya ƙare cikin daƙiƙa 10 kamar da, an sha jul 192. Jul 108 sun rage a batir, kuma ba a yi asarar ko daƙiƙa ɗaya ba.

Da a ce nan maganar ta tsaya, da kowane kamfani ya sauke boltejin cif ɗinsa ya huta. Sai dai wannan gwaji na biyu, a yadda na bayyana shi, ba zai yiwu a kan cif na gaske ba, kuma dalilin rashin yiwuwarsa shi ne rabin labarin.

Taransista ba ta buɗewa sai boltejin da ke bakinta ya haura wani mizani da ake rubutawa `Vt`. Abin da ya haura wannan mizani, wato `V − Vt`, shi ke nuna ƙarfin turawarta. Idan `Vt` bolt 0.3 ne, a bolt 1 tana da rarar 0.7. A bolt 0.8 rarar ta koma 0.5. An rage bolteji da kashi 20, amma rarar ta ragu da kusan kashi 29. Gaskiya ne tankin ya gajarce, amma bututun da ke cika shi ya fi shi tsukewa, don haka kowace ƙofa ta ƙara jinkiri. Akwai ƙiyasin da Sakurai da Newton suka wallafa a 1990, wanda har yau ake amfani da shi wajen hasashen wannan jinkiri:

```
f_max ∝ (V − Vt)^a / V
```

Ga ƙananan taransistocin zamani, `a` yakan zama wajen 1.3. Idan aka saka lambobinmu, gudun da cif zai iya a bolt 0.8 kusan kashi 81 ne na wanda yake iyawa a bolt 1.

Ga yadda abin yake idan aka matso kusa. A gigahaz 3, tsakanin bugu da bugu fikosakan 333 ne kacal, shi kuwa fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan lokaci dole sigina ya bar ma'ajiya ɗaya, ya ratsa jerin ƙofofi, ya isa ma'ajiya ta gaba kafin agogo ya sake bugawa. A ce hanya mafi tsawo a cif ɗinmu tana cin fikosakan 320 a bolt 1. Ta sha da ƙyar. A bolt 0.8 hanyar nan za ta ci kusan 397. Agogo zai buga alhali amsa na kan hanya, ma'ajiya ta kama tsohuwar lamba ta miƙa gaba a matsayin sabuwa. Cif bai ƙone ba, bai yi zafi ba, ƙarya kawai ya fara yi. Maganin shi ne a ba shi lokaci: a gigahaz 2.4 tazarar bugu fikosakan 417 ce, 397 ta shiga ciki har da saura.

Ashe dai rage gudu yana da amfani, amma ba amfanin da ake zato ba. Shi ne kuɗin da ake biya a sayi izinin rage bolteji. Idan aka sauke su tare, gigahaz 2.4 a bolt 0.8, wutar ta koma wat 15.4, kusan rabin wat 30 da aka fara da shi, domin 0.8 ya shiga lissafin sau uku. Aikin ya ci daƙiƙa 12.5, an sha jul 192. A lura, jul 192 ɗin nan su ne dai na ɗazu. Gaba ɗaya tsimin makamashin daga bolteji ya fito, saukar agogo ba ta ƙara ko jul ɗaya a kai ba.

Wannan sauke su tare da ɗaga su tare shi ake kira DVFS, kuma yana cikin kusan kowace wayar hannu da kwamfuta a yau. Intel ta fito da nata da sunan SpeedStep, AMD kuma PowerNow!. Cif na zuwa da jadawalin matakai, kowane gudu da boltejin da zai iya ɗaukarsa. Akwai kuma ƙa'idar jeri da ba a karya ta: idan za a hau, bolteji ake fara ɗagawa, a jira ya daidaita, sannan a ɗaga agogo. Idan za a sauka, agogo ake fara saukewa. Wanda ya juya jerin zai bar cif na ɗan lokaci yana gudun da boltejinsa bai kai ba.

Lissafin nan yana aiki ta ɗaya ɓangaren ma, kuma can ya fi ciwo. Gudun ƙarshe-ƙarshe da ake matsowa daga cif shi ne mafi tsada, domin kowane ƙarin gudu sai da ƙarin bolteji. Ƙarin kashi 10 a duka biyun yana kawo ƙarin wuta kashi 33. Kuma daga misalinmu za a ga dalilin da ya sa aka koma zuba ƙwaƙwalwa da yawa a cif ɗaya: guda biyu a gigahaz 2.4 da bolt 0.8 suna cin wat 30.7, kusan daidai da guda ɗaya a gigahaz 3, amma suna ba da bugu biliyan 4.8 a daƙiƙa a maimakon 3. Sharaɗin dai shi ne aikin ya rabu biyu, kuma ba kowane aiki ke yarda a raba shi ba.

To me ya hana a ci gaba da saukar da bolteji har ƙasa? An daɗe ana yin hakan. A 1974 Robert Dennard da abokan aikinsa a IBM suka nuna cewa idan aka ƙanƙanta taransista, aka rage boltejinta daidai gwargwado, zafin da kowane yanki na cif ke fitarwa ba zai ƙaru ba duk da an ƙara cunkoso da gudu. Aka tashi daga bolt 5 zuwa 3.3, wanda shi kaɗai ya zaftare kusan kashi 56 na makamashin kowane sauyi, aka yi ta gangarowa har kusa da bolt 1. Wajen 2005 tafiyar ta cije. A 2004 ne Intel ta fasa fitar da Pentium 4 mai gigahaz 4, zuriyar ta tsaya a 3.8.

Abin da ya tsayar da ita yoyo ne. Don a sauke `V` ba tare da cif ya zama kunkuru ba, sai an sauke `Vt` tare da shi. Amma taransistar da aka rufe ba ta rufuwa ruf, kullum tana ɗan ɗiga. A zafin ɗaki, ko da taransistar ta kai matuƙar kyau, duk milibolt 60 da aka rage daga `Vt` yana ninka ɗigar nan sau goma. Wannan iyaka ce ta kimiyyar abin, ba sakacin masu ƙerawa ba. Taransista ɗaya ɗigarta ba komai ba ce, amma idan biliyoyi suka haɗu sai ta zama wat mai yawa, kuma tana ƙaruwa idan cif ya yi zafi. Da `Vt` ya tsaya, sai `V` ma ya rasa wurin sauka. A lissafinmu na sama, bolt 0.5 zai bar cif da gigahaz 1.2 ne kawai, bolt 0.4 kuma 0.6. Tun kafin a kai can ma, ƙananan ma'ajiyoyin SRAM da ke cikin cif sukan fara kasa riƙe abin da aka ajiye musu, kuma sau da yawa su ke yanke mafi ƙarancin boltejin da za a yarda da shi.

Yoyon nan shi ne ya sa na ce tun farko mai rage gudu kaɗai ƙila ya fi da sha. Ita wutar yoyo ba ruwanta da agogo, lokaci take bi. A ƙara wa cif ɗinmu yoyon wat 5 a bolt 1. A gigahaz 3, daƙiƙa 10 sun ƙara jul 50, jimla 350. A gigahaz 2.4 da bolteji ɗaya, daƙiƙa 12.5 sun ƙara jul 62.5, jimla 362.5. An jira ƙarin lokaci, kuma an biya ƙari. Ba a ma saka allo da RAM da sauran kayan da ke kunne suna jiran furosesa ta gama ba. Saboda haka idan cif ya riga ya sauka zuwa mafi ƙarancin boltejinsa, ƙara rage masa gudu ba ya taimakon batir. A wannan matakin gara ya yi sauri ya gama, a kashe masa wuta ya kwanta. A ganina nan ne yawancin shawarwarin "rage gudu don batir ya daɗe" ke kuskure: suna da gaskiya a saman jadawali, inda bolteji ke bin gudu ƙasa, ba su da ita a ƙasansa. Idan kuwa zafi ne matsalar, ba batir ba, to rage gudu kaɗai yana aiki a ko'ina, tunda wat ɗin na sauka.

Akwai masu sauke bolteji da hannu su bar gudu yadda yake, kuma sukan ci riba, domin masana'anta na barin rara. Cif biyu daga faranti ɗaya ba sa fitowa daidai, zafi na canza gudun taransista, tsufa ma haka, kuma idan aiki mai nauyi ya faɗo kwatsam bolteji yakan ɗan nutse kafin mai daidaita shi ya farga. Rarar don waɗannan aka bar ta. Wanda ya cinye ta zai ga alamu masu ruɗarwa: na'ura ta yi awanni tana gwaji mai nauyi lafiya lau, sannan ta daskare a daidai lokacin da aka buɗe wata 'yar manhaja, saboda tsallen daga hutu zuwa aiki ne ya nutsar da boltejin. Wanda ya fi wannan muni shi ne kuskuren da ba ya kashe komai, lissafi ya fito ba daidai ba a yi shiru. A 2019 masu bincike suka nuna, a harin da suka kira Plundervolt, cewa ana iya sauke boltejin wasu furosesoshin Intel da gangan har su yi kuskuren lissafi a cikin killataccen sashensu na SGX, a bi ta kuskuren a ciro makullan sirri. Bayan nan aka toshe damar taɓa bolteji a na'urori da dama.

Mai son ganin duk wannan da idonsa, idan yana da Linux a kan furosesar Intel, akwai ma'aunin makamashi a cikin cif ɗin kansa:

```
sudo cat /sys/class/powercap/intel-rapl:0/energy_uj
```

Lambar da za ta fito jimlar maikurojul ce, tana ta hawa har ta kai iyakarta sannan ta koma sifili. A karanta ta, a gudanar da aiki mai iyaka, kamar matse fayil guda, a sake karantawa da zarar ya ƙare. A cire ta farko daga ta biyu, a raba da miliyan, an sami jul ɗin da aikin ya ci. Sai a sa wa gudun iyaka, a maimaita da fayil ɗin nan dai:

```
sudo cpupower frequency-set -u 2400MHz
```

A yi ta saukowa mataki-mataki ana rubuta jul, ba wat ba. Daga sama za a ga jul na faɗuwa da sauri, domin duk matakin da aka sauka bolteji na biye da shi. Can tsakiya faɗuwar za ta lafa. Idan aka ci gaba, za a iso inda lambar ta tsaya, sannan ta fara hawa a hankali duk da wat na ci gaba da raguwa. Kusa da wurin da ta juya ɗin nan ne bolteji ya daina sauka, aka bar agogo yana gangarawa shi kaɗai, yoyo kuma na ci gaba da ƙirga daƙiƙoƙinsa.